Na rage tuwo, na rage shinkafa, amma sikeli ya ƙi sauka

Assalamu alaikum Hajiya. Shekaruna 38, ina zaune a Aboabo a Kumasi, ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Likita ya ce in rage ƙiba saboda gwiwa da hawan jini. Wata na huɗu ke nan na raba tuwona biyu, shinkafa ma haka. 'Yata ta saka mini manhajar lissafin abinci a waya, kullum tana nuna mini ina cin kalori 1,400 ko ƙasa da haka. Ina shan shayi safe da dare, da hantsi nakan sayi ƙosai huɗu in taɓa, sauran kuwa abincin gida ne, ni nake dafa wa mutum shida. Ko kilo ɗaya bai tafi ba. Wata ta ce jikina ne haka, wata ta ce in sha ganye. Me zan yi?

Maman Fa'iza, Aboabo

Wa alaikumus salam Maman Fa'iza, ƙanwata. Ki ajiye maganar ganye tukuna, kuma kada ki ƙara rage tuwon nan. Inda nake zargi shi ne galan ɗin mai da gwangwanin sukari. Manhajar tana lissafa abin da aka faɗa mata ne kawai, kuma mai da sukari su ne abubuwa biyu da mutum ba ya faɗa, don ba ya ganinsu a faranti. Mai ya narke cikin miya, sukari ya narke cikin shayi. Ke 'yar kasuwa ce, kin san yadda ciniki yake kasa cika da yamma: ba babban kuɗi ne ya ɓace ba, sidi biyu ne na ruwa, biyar na ɗan dako, waɗanda aka zara daga jaka ba a rubuta ba.

Mu fara da mai, domin nan ne mafi yawan ɓatan yake. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9. Giram ɗaya na sukari ko na garin masara kuwa kalori 4 ne ko kusa da haka. Amma bambancin da ke kan faranti ya fi wannan nisa, saboda tuwo da dafaffiyar shinkafa yawancin nauyinsu ruwa ne, mai kuwa babu ruwa a cikinsa ko ɗigo. Giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa kalori 130 ne. Babban cokali ɗaya na mai, wato mililita 15, kalori 120 ne. Ke nan idan kika kwashe shinkafa cikin tafin hannu daga farantinki, kika kuma ƙara ludayin miya mai maiƙo don abin da ya rage ya shiga, kin mayar da abin da kika cire, ga yunwa kuma ta kyauta.

Kuma kada wani ya ruɗe ki da irin man. Manja, man gyaɗa, man kwakwa, man kaɗe, farin man galan, har man zaitun mai tsada, duk kusan kalori 120 ne a cokali. Suna da bambanci wajen lafiyar zuciya, wannan magana ce daban, amma a lissafin ƙiba kansu ɗaya. Na faɗi haka ne don mata da yawa sukan koma man zaitun su riƙa kwarara shi da kwanciyar hankali.

Ga yadda za mu gwada da tukunyarki. A ce kina soya miyar tumatir irin wadda ake ci da shinkafa ko doya. Yawancinmu ba ma aunawa, mukan karkata galan sai mai ya rufe gindin tukunya ya ɗan taso. Gobe, kafin ki zuba a tukunya, ki zuba daidai wannan adadin da hannunki ya saba a cikin kwano, kada ki rage don kin san za a auna. Sannan ki ɗauko wankakken gwangwanin madarar ruwa, ƙaramin nan da kowa yake awo da shi, ki ga gwangwani nawa ne. Gwangwanin yana cin kimanin babban cokali goma, wato kalori 1,200 na mai zalla. Idan kika tarar gwangwani ɗaya kike zubawa wa mutum shida, ba ki yi abin mamaki ba, akwai masu zuba ɗaya da rabi.

Bayan miya ta nuna, ki ƙirga ludayi nawa ta bayar. A ce sha biyu. Kalori 1,200 a raba gida 12, kowane ludayi yana ɗauke da kalori 100 daga mai kaɗai, ba a sa nama ko kifi ba. Idan kina zuba ludayi biyu da rana, biyu da dare, kalori 400 ke nan. Yanzu ki buɗe manhajar ki duba abin da take ba ki idan kin zaɓi miyar tumatir. Wannan adadin na tukunyar wani ne, mai yiwuwa wanda ya soya albasarsa da cokali biyu kacal. Shi ya sa nake so ki daina zaɓar sunan miya, ki riƙa shigar da man da kansa: cokali kaza na mai, sannan nama ko kifi daban. Tumatir da albasa da attarugu ba su da nauyin da zai dame ki.

Akwai wani abu da yake karkatar da wannan rabon. Mai yana tasowa sama. Wanda aka fara ɗebar wa miya daga saman tukunya ya fi samun mai, wanda ya ci ta ƙasa ya sami kaɗan. Mai girki kuma takan ɗanɗana, takan kuma side abin da ya rage a ludayi. Ki juya miya sosai kafin ki ɗiba. In kuma kin kwashe man da ya taso kin zuba a kofi, ki auna shi ki cire daga lissafin tukunyar, amma ranar da kika soya ƙwai da shi ki tuna ya dawo.

Idan awon kowace tukunya zai yi miki yawa ga mai fita kasuwa da sassafe, akwai hanyar da ta fi sauƙi, kuma ni na fi yarda da ita, don ba ta mantuwa. Ki keɓe kwalba ɗaya ta lita ɗaya, ki cika ta ranar Asabar, ki ce duk wanda zai yi girki a gidan daga ita zai zuba. Asabar mai zuwa ki duba abin da ya tafi. Lita ɗaya ta mai tana da kalori kimanin 8,200. Idan kwalbar ta ƙare a mako, kuma ku shida ne, kowa ya sha kusan kalori 200 a rana. Amma in cikin shidan akwai yara ƙanana uku, rabonki ya fi haka, ki ƙirga kowane yaro a matsayin rabin babba. Manja ma a yi masa tasa kwalbar. Idan lissafin tukunya da na kwalba suka yi nisa da juna, akwai girkin da ba ki ƙirga ba, galibi suyar ƙwai ko kifi ko taliyar yara.

Cokalin gidanmu ba awo ba ne, wani ya ci mililita 8, wani 12, ludayi kuwa kowane da girmansa. Ki nemi ɗan kofin roba da yake zuwa a kan kwalbar maganin yara, mai zanen 5 da 10 da 15, ki wanke shi, ki gwada cokalinki da ludayinki da ruwa sau ɗaya, shi ke nan kin san su. Wanda ya fi duka shi ne ƙaramin sikelin kicin mai batir, ana samunsa a shagunan kayan girki a Adum da cikin Kejetia. Yadda ake auna mai da shi ba tare da ɓata kwano ba: ki ɗora kwalbar man a kai, ki danna maɓallin da aka rubuta TARE har ya nuna 0, ki ɗauke kwalbar ki zuba abin da za ki zuba, ki mayar da ita. Lambar da ya nuna da alamar ragi a gabanta ita ce giram ɗin da ya shiga tukunya. Ki ninka ta sau 9.

Sai shayi. Ganyen shayi da ruwan zafi kusan babu kalori a cikinsu, kuma idan kika rubuta shayi kawai, abin da manhajar take ɗauka ke nan, ta ba ki 2 ko 3. Amma shayin da muke sha a zango ba shi ba ne. Mu haɗa kofi ɗaya yadda aka saba. Cokalin shayi na sukari idan an shafe bakinsa giram 4 ne, kalori 16. Babu mai shafewa. Cokali mai tozo yakan kai giram 7, uku daga cikinsa giram 21, kalori 84. Madarar ruwa ta gwangwani, idan gwangwani ɗaya yana yi miki kofi uku, kowane kofi ya sami kimanin kalori 75. In ana ƙara Milo, cokali uku masu tozo sun kusa giram 20, kalori 80, kuma shi ma akwai sukari a cikinsa tun daga kamfani. Kofi ɗaya ya tashi kalori 240. Safe da dare, 480. Wannan ya kai farantin abinci guda, sai dai shi ba ya zama a ciki, abin sha ba ya ƙosar da mutum yadda abin taunawa yake yi, awa biyu kin sake jin yunwa.

In madarar mai kauri ce mai zaƙi, babban cokalinta ɗaya ya haura kalori 60, don fiye da rabin nauyinta sukari ne. Zuma ma ba mafita ba ce, cokalinta ya ɗan fi na sukari kalori. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum yake ci a rana, wato kimanin giram 50 ga mai cin kalori 2,000, kuma in an sauko zuwa giram 25 ya fi. Kofi biyun nan sun cinye giram 42 daga cokali kawai, ba a zo kan koko ba, ba a zo kan sobolo ko burkina da ake sayarwa a ƙofar shago da rana ba. Ga mai hawan jini da ciwon gwiwa, wannan ya dame ni fiye da tuwon.

Awon sukari ya fi na mai sauƙi. Ki ware naki a ƙaramin gwangwani mai murfi, ki auna shi ranar Asabar, ki sake aunawa bayan mako, ki raba giram ɗin da ya tafi gida bakwai, ki ninka sau 4. In mai ƙwaya kike sha, ki duba nauyin kwalin ki raba da yawan ƙwayoyin. Ranar da kika sha a wurin mai shayi, ki ce ya miƙo miki sukarin ki zuba da hannunki. Ki kuma kalli kaskonsa idan yana soya miki ƙwai. Ƙwai ɗaya kalori 75 ne ko kusa da haka, amma man da yake tsiyayawa daga kwalba mai hujin murfi yakan kai cokali guda, kuma ƙwai da burodi suna shanye shi tas. Man ya fi ƙwan nauyi a lissafi.

Ƙosai kuma fa? Wake abinci ne mai kyau, ba shi ne matsalar ba. Abin da yake faruwa a kasko shi ne zafin mai yana korar ruwan da ke cikin ƙullun, shi ne kumfar da kike gani, sai ya bar ƙananan ramuka. Yawancin man yana shiga ramukan ne bayan an tsame, lokacin da ƙosan yake hucewa yana zuƙo man da ya lulluɓe shi. Daga nan za ki gane abubuwa biyu. Duk abin da aka yanka siriri ko ƙanana ya fi shan mai, don fatarsa ta fi yawa: soyayyar agade mai ƙaras-ƙaras ta leda ta fi kelewele, kelewele ya fi soyayyar doya mai kauri. Sannan man da bai yi zafi sosai ba, ko wanda aka cika masa kaya har ya huce, ko tsohon mai da ya yi duhu yana kumfa, yana sa abu ya daɗe a kasko ya jiƙe. Alamarsa takardar da aka naɗe miki ta koma kamar gilashi, ko ki matsa ƙosan mai ya fito a yatsa.

Kina iya gano na gidanki daidai, sau ɗaya ya isa. Ki auna waken tun yana busasshe, a ce giram 300, kalori kusan 1,000 ke nan. Ki auna kasko da mansa kafin a ɗora a wuta. Bayan an gama, mai ya huce sarai, ki tsame ɓurɓushin ki sake aunawa. A ce ya ragu da giram 120, kuma ƙosai 24 suka fito. Kowane ɗaya ya sha giram 5 na mai, kalori 45, ga kuma kalori 42 na wake. Ƙosai ɗaya ya kusa 90, fiye da rabinsa mai ne. Huɗun da kike taɓawa da hantsi kalori 350 ne. Awon zai ɗan yi sama kaɗan saboda man da ya fantsama, amma bai kai ya ɓata lissafi ba.

Na titi ba za ki auna kaskon mai suya ba, sai ki auna abin da kika saya. Ki kawo shi gida sau ɗaya ki ɗora a sikeli. Abu mai laushi irin ƙosai da pinkaso da masa, ki ba kowane giram kalori 3. Bofrot, da yake akwai sukari a ƙullunsa, ki ba shi 3 da rabi, babba mai giram 60 ya haura 200. Abu busasshe mai ƙara a baki irin cincin da agaden leda, ki ba shi 5. Ƙiyasi ne, zai iya kaucewa kaɗan sama ko ƙasa, amma ya fi sifilin da yake cikin littafinki yanzu nesa ba kusa ba. Shito kuma ki ɗauke shi a matsayin mai, don a cikin mai ake dafa shi har ya yi baƙi: cokali mai tozo a kan wake da shinkafa, ki rubuta 80 zuwa 100.

Mu tara. Miya 400, shayi 480, ƙosai 350. Kalori 1,230. Ko da manhajar ta riga ta kama wani ɓangare na miyar, abin da ya ɓace bai gaza 1,000 ba. Ke nan 1,400 ɗin da kike gani a waya ya fi kusa da 2,400 a ciki, kuma mace mai shekarunki da take yini a zaune a shago, wannan adadin zai riƙe nauyinta inda yake, in ma bai ƙara ba. Ba jikinki ne ya ƙi ba, kuma ba ƙarya kika yi ba. Lambobin nan misali ne, naki za su fito daga kwalbarki, wataƙila ƙasa, wataƙila sama.

Wajen rubutawa, ki kiyaye kuskure biyu. Na farko ninki: idan kin zaɓi soyayyen kifi a manhaja, an riga an sa mai a ciki, kada ki sake ƙara cokali. Ki zaɓi hanya ɗaya, ko ɗanyen abu da mansa daban, ko soyayye kai tsaye. Na gida na fi son ta farko. Na biyu takardar jikin kaya: za ki ga lamba biyu, ɗaya da kJ ɗaya da kcal. Ta kcal ce taki, ta kJ ta ninka ta sau huɗu da ɗoriya. Ki kuma duba ko lambar ta giram 100 ce ko ta ɗan abin da kamfani ya kira rabon mutum ɗaya, wanda sau da yawa bai kai abin da ake zubawa ba. Kuma ki rubuta a lokacin da abin ya faru, mai tun kwalba tana hannunki, ƙosai tun kina miƙa kuɗin. Abin da aka bari sai dare, tuwo ake tunawa, a manta da shayi. In wayar tana ba ki wahala, bayan littafin cinikinki ya isa: layi uku kullum, mai, sukari da madara, suya.

Makon farko kada ki canza komai, awo kawai. Na san hannu zai so ya rage da kansa, ki hana shi, don muna son ganin gaskiyar abin da yake shiga. A mako na biyu ki rage man miya zuwa rabin gwangwani. Ki soya albasar a wuta marar ƙarfi, ki bar tumatirin ya ƙone ruwansa a hankali, tsamin zai tafi ko da man bai yi iyo a sama ba. Maigida zai iya lura, shi ya sa wasu sukan sauko da cokali biyu-biyu kowane mako har baki ya saba. Wannan kaɗai ya cire miki 200. Sukari daga cokali uku zuwa ɗaya, Milo a kofin safe kawai, kusan 190 sun tafi. Ƙosai biyu maimakon huɗu, 175. Kin sami ragin fiye da 500 a rana ba ki taɓa tuwo ba, kuma ragin irin wannan yakan sauke kimanin rabin kilo a mako a farkon tafiya, daga baya ya yi sanyi.

Kada ki kore mai gaba ɗaya. Jiki yana bukatarsa don ya sha bitamin A da D da E da K, manja kuma yana da sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A, yaranki suna bukatarsa a miyar ganye. Ki hau sikeli ɗaya, da safe kafin ki ci komai, sau ɗaya ko biyu a mako, ki kwatanta wata da wata, don gishiri da al'ada suna riƙe ruwa su ɓoye ragin kwanaki. Maganin hawan jininki ki ci gaba da sha yadda aka rubuta, ganyen rage ƙiba kuwa yawancinsu zawo ko fitsari suke sawa, ruwa ne yake fita, kuma suna iya karo da maganin. Idan kin yi mako shida kina awo da gaske, ragin yana nan a rubuce, amma nauyi bai motsa ba, ko kina ganin kumburin ƙafa, kasala mai yawa da jin sanyi, ki koma wurin likitan da littafin a hannunki, ki gaya masa duk maganin da kike sha har da allurar tazarar haihuwa in kina yi, ki kuma roƙi ya haɗa ki da jami'in abinci na asibiti.

Ki gaida Fa'iza, ki ce ta taya ki da sikelin ranar Asabar. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a kasuwa.